Agogon Baba Ya Koyi Larabci

Shekarar da muka kwaso Baba da Inna daga Zugu muka kama musu ɗaki biyu a cikin garin Bukkuyum, Baba ya zama mutumin zaune. Can gida ba ya wuni wuri ɗaya, daga gona sai fadama, daga fadama sai makarantar da yake ba magidanta karatu bayan la'asar. A Bukkuyum kuwa ba gona, ɗaliban kuma kowa ya kama gabansa. Sai ya shimfiɗa buzu a zaure tun hantsi, ba ya tashi sai an kira salla. Ƙafafunsa suka fara kumburi. Da na kai shi asibiti, ma'aikaciyar da ta auna shi ta ce jininsa ya hau, ta ba shi magani, ta ce kuma ya riƙa tattaki kullum. Baba ya yi mata godiya sosai, muka dawo gida ya koma kan buzunsa.

Ni ce babbar 'yarsu, ina koyarwa a wata firamare a Gummi, inda nake aure. Ƙanena yana Anka, direba ne. A lokacin yana ɗaukar wasu 'yan ƙasar Sin da ke zuwa duba duwatsun zinariya, kuma da za su tafi ɗayansu ya ba shi agogon hannu sabo a kwalinsa, irin mai fuskar gilashi da ke ƙirga taku da bugun zuciya. Da ya ji maganar asibiti sai ya aiko wa Baba da shi ta hannun wani ɗan acaɓa, ba tare da wani bayani ba.

Da na je ƙarshen wata na tarar da agogon a hannun Baba, ya ɗaure shi a kan hannun rigarsa don kada zufa ta taɓa shi. Rubutun da ke ciki duk Sinanci ne, ƙananan zane-zane kamar sawun kaji. Lokacin da yake nunawa ma ba namu ba ne, rana tsaka amma agogon yana cewa magariba. Na tambayi Baba ko yana gane wani abu a ciki.

"Ko ɗaya," ya ce. "Amma shina da ladabi. In na ɗaga hannu ya kawo haske, in na aje ya yi shiru."

Na ce ai ba don haske aka aiko shi ba, kuma a kan fata ake ɗaura shi, in ba haka ba ba zai ji bugun zuciya ba. Na lalubi cikin agogon ko zan ga inda ake sauya harshe, na latsa nan na latsa can, na kunna wata fitila, na sa ya yi ta kaɗawa, ban samu komai ba. A takardar cikin kwalin akwai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari. Na haska shi da kyamarar wayata, ya kai ni inda ake sauke manhajar agogon. Sabis ɗin unguwar su Baba sai an fita bakin titi, don haka a tsaye kusa da mai suyar awara na sauke ta. Na dawo zaure na kunna bulutut, abin da ke haɗa waya da agogo, manhajar ta nemo agogon, agogon ya kaɗa a hannun Baba, na danna alamar amincewa. Nan take lokaci ya daidaita, Sinancin ya ɓace, Turanci ya maye gurbinsa, domin wayata a Turanci take.

A cikin manhajar na ga wurin da ake kunna tunatarwa ga mai yawan zama. In mutum ya yi kamar awa guda bai motsa ba, agogon zai kaɗa ya ce ya tashi. Na ce to ga maganin buzu, na kunna.

Da na koma bayan mako biyu Inna ta ce agogon yana ta kaɗawa, Baba kuma yana ta zamansa. Na same shi na ce, "Baba, in ya kaɗa cewa yake ka tashi ka ɗan taka."

"Ni dai ban ji ya ce ba."

"Ga shi a rubuce."

"Da boko. Ni ban yi boko ba, kin sani. In shina da magana da ni, ya yi ta da Hausa."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. A Gummi na je wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa na nuna masa manhajar. Ya shiga shafin agogon ya gangara ƙasa, ya nuna mini wani layi da aka rubuta cewa harshen agogo yana bin harshen waya. Layin ya dushe, ko an taɓa shi ba ya buɗewa. Ya ce, "Kin gani, Malama, duk harshen da wayarki take yi shi zai yi. Ki sauya na wayar a kusa da shi."

Haka na yi. Da na koma Bukkuyum na zauna gaban Baba na mai da wayata Hausa. Wayar ta karɓa, ta fara ce mini "Saituna" da "Saƙonni". Na buɗe manhajar na jira ta gama haɗuwa da agogon. Muka zuba wa hannun Baba ido, ni da shi da Inna da ta leƙo da ludayi a hannu. Agogon ya kawo haske, yana nan a Turancinsa. Ba a sa masa Hausa ba tun daga inda aka ƙera shi, in kuma waya ta zo masa da harshen da bai sani ba sai ya tsaya a Turanci.

Baba ya gyaɗa kai. "Na san irinsu. Ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci. Akwai su da yawa sakatariya."

Inna ce ta kawo maganar Larabci. Ta ce tunda Malam yana karanta shi, a gwada mana. Na shiga saitin wayar na zaɓi Larabci, kuma abin da ya biyo baya ban shirya masa ba. Komai na wayar ya juya. Abin da ke hagu ya koma dama, kibiyar komawa baya ta fuskanci wani gefen. Na yi makarantar allo, ina iya haɗa baƙi, amma ban san ma'anar ko kalma ɗaya da ke gabana ba. Ina cikin wannan ruɗani na ji Baba ya ce, "Bismillahi," da wata murya da na daɗe ban ji ba. Ya kai agogon kusa da idonsa yana karanta sunan ranar, Assabat, ga shi nan da baƙaƙen da ya sani tun yana yaro.

Na bar shi yana murna na koma gefe ina neman hanyar mai da wayata yadda take. Na bi hotuna, daga mai kama da haƙoran inji zuwa mai kama da ƙwallon duniya, da ƙyar na samo Turanci. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba Baba ya ce, "Ke, mi kinka yi mai? Ya koma Nasara."

A nan na gane halin da na shiga. Muddin wayata tana kusa kuma suna haɗe, duk abin da ta zama shi agogon zai zama. Na sake mai da ita Larabci, na wuni a gidan da waya a juye, ban iya ko duba saƙo ba. Da yamma na yi sallama, sai da na isa tasha na zauna cikin mota sannan na dawo da ita Turanci. In agogon ya rabu da wayar yana riƙe harshen da aka bar shi a kai, don haka Baba ya kwana da Larabcinsa. Da na sani na kashe bulutut tun a zaure da duk wannan bai taso ba, amma a ranar kaina ya riga ya ɗaure.

Zuwana na gaba na manta da zancen gaba ɗaya. Ina sauka daga mashin a ƙofar gida, ban ko yi sallama ba, na jiyo Baba daga zaure yana ce wa Inna, "Ɗiyarki ta iso. Ga shi ya fara Turanci." Tun daga ranar ya zama doka, kafin in shigo unguwar sai in tsaya gindin wata bishiyar bedi in mai da wayata Larabci, kamar mai cire takalmi a ƙofar masallaci.

Larabcin ya yi aikin da ma'aikaciyar asibiti ta kasa. Ranar farko da agogon ya kaɗa da Larabci, Baba ya duba ya ga an rubuta "Ƙum wa taharrak", wato tashi ka motsa. Inna ta ce ba ta taɓa ganin ya miƙe da sauri haka ba tun barinsu Zugu. Ya saka takalmi ya tafi har ƙarshen layi ya dawo. Ta tambaye shi ina ya je, ya ce babu, umarni ne aka ba shi. A wurin Baba abin da aka rubuta da waɗannan baƙaƙe ba a yi masa kunnen ƙashi. Ko takardar shayi ya gani a ƙasa da rubutun Larabci sai ya ɗauke ya soke ta a jikin danga. Saboda haka agogon ma ya samu matsayi. Ba ya shiga bayi da shi, an kafa masa ƙusa a bakin ƙofa inda ake rataye shi. Ya mai da shi hannun dama. In zai ba shi caji ba ya ajiye shi a ƙasa, sai a kan littattafansa.

Kumburin ƙafa ya sauka. Muka yi ta murna, ƙanena yana bugo waya daga Anka yana cewa ai shi ya san abin da ya aiko.

Baba yana da aboki, Bafillace, da muke kira Baffa. Tare suka taso, shanun gidansu Baffa ne ke kwana a gonarmu bayan girbi. Shi ma tashin hankalin 'yan bindiga da ya raba su Baba da Zugu ne ya kore shi daga rugarsu, abin da ya rage masa na dabbobi yana wurin 'ya'yansa, shi kuma yana zaune a Bukkuyum. Kullum yana zauren Baba. Shi ne ya fara shafa fuskar agogon gefe ya ga wani shafi mai hoton harshen wuta, da lamba a ƙasa, da wata kalma a gefe. Rubutun agogon ba shi da wasali, Baba ya yi ta jujjuya kalmar a bakinsa, sinun, ainun, ra'un. Kalma ɗaya ya sani mai waɗannan baƙaƙe, Sa'ir, ɗaya daga cikin sunayen wuta. Ga kuma hoton wutar a kai.

Suka sa ido a kan lambar. Da safe ba ta da yawa. Baba ya je ƙarshen layi ya dawo, ta ƙaru. Ya je kasuwa ya dawo, ta ƙaru sosai. Baffa ya ce, "Malam, wanga abu tahiyarka ka hura shi."

Baba ya shiga tsaka mai wuya. In ya zauna a ce masa tashi, in ya tashi wuta ta ƙaru. Kwana biyu yana miƙewa in an ce ya tashi, amma sai ya tsaya cik a tsakar zaure yana ɗan karkaɗa kafaɗa, don ya cika umarnin motsi ba tare da ya yi taku ba. Inna ta ce ta leƙo ta gan su su biyun, shi a tsaye yana rausaya, Baffa a tsugune yana duba masa lamba. A ƙarshe suka je wurin wani malamin Islamiyya da ya yi karatu a Sudan. Ya duba ya ce kalmar "su'urat" ce, ba ta da alaƙa da lahira, ma'aunin abincin da jiki ke ƙonewa ne in mutum ya motsa.

Baba ya samu natsuwa ta wani gefe, ta wani gefen kuma ya shiga sabon lissafi. Ya dawo gida ya ce wa Inna ashe tuwon da take ba shi ƙonewa yake yi a hanya. Daga ranar in ya dawo tattaki sai ya nuna mata lambar ya ce a mayar masa da abin da ya ƙone. Inna ta bugo mini waya ta ce hatsin da muka kawo ba zai kai inda aka sa ran zai kai ba, kuma in san yadda zan yi da wannan abu. Na yi dariya, na ce ta ƙyale shi, ai ci lafiya ne.

Ban daɗe da wannan dariya ba aka yi rasuwa a unguwarsu, wani dattijo mai gida babba, ƙanen mai unguwa. Ba na nan, daga bakin Baffa da Inna na ji yadda aka yi. Ranar uku maza suna zaune a rumfar da aka kafa ƙofar gidan, an cika tabarmi, mata suna ciki. Yawancin mutanen unguwar irin su Baba ne, waɗanda suka baro ƙauyukansu, kowa yana kwana da kunne ɗaya a buɗe. A makon kuma ana ta raɗe-raɗin an ga mashina a bakin gulbi.

Baba ya daɗe a zaune ana ta addu'a. Wani malami yana tsakiyar nasiha, wuri ya yi tsit, sai agogon ya kaɗa. Baba ya ɗaga hannu ya duba, ya miƙe tsaye ya fara neman takalminsa. Na kusa da shi ya ja masa riga a hankali ya ce, "Malam, lahiya?"

"An ce a tashi a motsa," in ji Baba.

"Wa yac ce?"

"Yanzu saƙon ya shigo."

Mutumin ya san Baba ɗan Zugu ne, ya kuma san mutanen Zugu ba su wasa da irin wannan saƙo. Ya miƙe. Na kusa da shi ya tambaya, ya ce an aiko wa Malam cewa a tashi. Kafin maganar ta kai ƙarshen rumfa ta zama sun shigo gari. Baffa ya ce shi ya san gaskiyar abin, ya buɗe baki zai yi bayani, amma da ya ga kowa yana gudu sai ya ga ba shi da hujjar zama. Mai nasiha ya bar carbinsa a kan tabarma. Mata suka ji ƙafafu a waje, ba su tsaya tambaya ba. Inna, wadda take cewa gwiwarta ba ta barin ta hau mashin sai an riƙe ta, ta haura katangar bayan gidan ta faɗa garken awakin maƙwabta. Ta ce ta tarar da mata uku sun riga ta.

Shi kuwa Baba bai san ana yi ba, don ya riga ya ba rumfar baya. Ya ga dai mutane suna wuce shi da gudu, ya matsa gefe ya ba su hanya, ya ci gaba da takunsa har ƙarshen layi. Ya juyo ya dawo ya tarar da tabarmi da butoci da takalma, ba kowa sai wani tsoho da ba ya ji sosai yana jan carbi. Baba ya zauna inda ya tashi, suka ci gaba da yi wa mamaci addu'a su biyu.

Allah ya kiyaye ba wanda ya ji mummunan rauni, sai targaɗe da ƙujewa. Amma kafin magariba duk unguwa ta san daga ina saƙon ya fito. Inna ta kira ni, muryarta a kwance, ta ce, "Ki zo Assabat. Ki taho da wayarki."

Ranar ban tsaya gindin bedi ba, na shiga da wayata a Turanci. Baba yana zaure da Baffa, agogon ya juya Turanci a hannunsa. Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafar da ta ɗaure da tsumma, yadda kowa zai gan ta.

"Ki mai da shi yaren Caina," ta ce. "Sadda shike yaren Caina lahiya lau muke zaune."

"Ba a mai da shi," in ji Baba. "Abu ya samu karatu a ce a raba shi da shi?"

Na buɗe manhajar don in nuna wa Inna cewa ko na so ba zan iya ba sai in mai da wayata Sinanci, wanda kuwa in na yi ba mai fito da ni. Na gangara zuwa layin nan da mai gyaran waya ya nuna mini. Sai na ga bai dushe ba, baƙi ne wuluk kamar sauran. Na taɓa shi ya buɗe. A sama an rubuta bin harshen waya, da alama a gefensa, a ƙasa kuma ga harsuna a jere, kowanne ana iya zaɓarsa shi kaɗai. Ashe layin ba ya aiki sai agogon yana haɗe da wayar. A Gummi agogon ba ya kusa, shi ya sa ya ƙi buɗewa. A Bukkuyum kuma, inda yake kusa, wayata kullum a Larabci take, ba na gane komai balle in je neman layi.

Na gaya musu. Baffa ya matso ya ce in duba ko akwai Fillanci. Na duba har ƙasa na ce babu. Ya ce Hausa hwa? Na ce ita ma babu. Ya koma ya jingina da bango, ya ce to ba komai tunda an haɗa mu.

Inna ta ce in karanto mata abin da ke akwai. Na riƙa taɓawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne na taɓa sai agogon ya ɗan yi jim ya sauya a hannun Baba. Na sa Faransanci, Baba ya ce boko ne da ya sa hula. Na sa Rashanci, ya ce wannan an rubuta shi ne ta madubi. Da na zo kan Farisanci sai ya gyara zama, domin baƙaƙen irin nasa ne. Ya kai agogon kusa da ido ya fara haɗawa. Ya haɗa kalmar farko ba ta ba da ma'ana ba. Ya sake daga farko. Ya ga wani baƙi mai ɗigo uku a ƙasa, ya goge gilashin da bakin riga ko datti ne.

"Larabci na," ya ce a hankali, "amma ban san abin da anka yi mai ba."

"Shi za a bari," in ji Inna.

Muka dube ta. Ta ce ai wannan ya fi yaren Caina. Malam zai ci gaba da girmama shi, ya rataye shi a ƙusa, ya ɗora shi kan littafi, amma ba zai ji abin da yake cewa ba, balle ya tashi mutane daga zaman makoki. Baffa ya ce wallahi maganar tana da kai. Baba ya juya ya dube shi, Baffa ya ce shi dai ra'ayi ya faɗa.

An daɗe ana ja. Baba ya ce shi bai ce kowa ya gudu ba, abin da aka rubuta ya karanta. Inna ta ce da ya karanta a zuciyarsa. Ya ce tambayarsa aka yi, ko ƙarya take so ya yi a gidan mutuwa. Na bari sai da suka gaji, sannan na ce akwai wata hanya. A wurin da na kunna tunatarwar akwai inda ake sa lokacin farawa da lokacin dainawa. Ana iya barin Larabcin, a kuma taƙaita wa agogon lokacin magana.

Nan ciniki ya koma kan lokaci. Baba yana son daga asuba zuwa isha'i. Inna ta ce daga hantsi zuwa kafin azahar, lokacin da ba a cika taruwa ba. Ya ce a ƙara masa bayan la'asar, na ce manhajar farawa ɗaya da dainawa ɗaya take karɓa, ya ce to a ja shi zuwa la'asar ɗin. Inna ta ce Juma'a fa, yana zaune ana huɗuba? Da alama Baba ya hango masallacin Juma'a yana watsewa. Aka tsaya a kan na Inna, da sharaɗin in za shi jana'iza ko ɗaurin aure ko suna zai bar agogon a gida. Na zaɓi Larabci a jerin, na cire alamar daga bin harshen waya, na sa lokutan. Agogon ya koma Larabci, wayata tana Turancinta a hannuna, kowa da harshensa a zaure ɗaya.

Da la'asar Baba ya ce in raka shi gidan rasuwar ya ba da haƙuri, ni kuma in yi musu bayani tunda ni na san kan abin. Ya cire agogon ya ba Inna. Mai unguwa ya karɓe mu a zaurensa, dattijo ne mai sanyin magana. Baba ya ba da haƙuri, na yi bayanin manhaja da bulutut da jerin harsuna iyakar iyawata. Ya saurara har na gama. Ya ce ba komai, ƙaddara ce, kuma ko ba komai an gane waɗanda ke cewa ba su da lafiyar ƙafa. Ya ce har yanzu akwai takalma cikin buhu a bayan ƙofa da masu su ke jin kunyar zuwa ɗauka.

Mun tashi za mu tafi sai ya ce in dakata. Ya kwance agogonsa, tsoho mai hannaye, irin wanda ake murza wa wani da hannu kafin ya yi tafiya, ya miƙo mini. Ya ce tunda na iya, shi ma a sa wa nasa Larabcin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya haɗuwa da waya. Ba shi da manhaja, ba shi ma da rubutun da za a sauya."

Ya ce ya ji, amma in dai tafi da shi ya kwana kusa da wayar, ba a san abin da Allah zai yi ba. Na dubi Baba ko zai cece ni, ya ɗauke kai. Na karɓa da hannu biyu. A ɗakin Inna na ajiye shi a kan wayata, da safe kafin in wuce tasha na biya na mai da masa. Ya ɗaura, ya kai kunne ya saurara, ya duba fuskarsa da kyau. Ya ce rubutun dai bai fito ba, amma tafiyarsa ta fi ta jiya natsuwa, Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, na tafi neman mota.